Kwana 8 suka rage maka, Alhaji, ba 90 ba

"Jama'a, bizar Shengen ɗina ta shekara ɗaya ce, mai shiga da fita, kwana 90. Na yi Italiya daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, na yi Jamus daga 5 ga Afrilu zuwa 14 ga Mayu. Ina son in shiga Faransa 15 ga Yuni in yi sati uku. Ejan ya ce ai sabuwar ƙasa sabon lissafi. Haka ne?"

Alhaji, don Allah kada ka yanki tikitin nan tukuna. Wallahi da na ga maganar ejan ɗinka sai da raina ya ɓaci, don da yawanmu a nan gidan da ita aka yaudare mu. Shi kamashonsa ya sani. Ranar da jami'in filin jirgi zai riƙe fasfonka ya ce ka tsaya gefe, layi na wuce ka, ejan yana ofishinsa yana shan shayi, in ka kira ma wayar a kashe. Italiya da Jamus da Faransa duk tukunya ɗaya ce a wannan lissafi. Ƙasashe 29 ne a yankin Shengen, har da Suwizalan da Norwe waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai.

Dokar ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma 180 ɗin nan ba daga ranar da aka buga maka biza suke farawa ba, kuma fita ba ta goge su. Duk ranar da ka wayi gari a can, sai ka waiwaya baya kwana 180, har da ita ranar, ka ƙirga nawa ka yi a ciki. Kada su haura 90. Ranar shiga kwana guda ce ko da sha ɗayan dare ka sauka, haka ma ranar fita ko da asuba ka tashi. Nan mutane ke zubar da kwana biyu a kowace tafiya, saboda suna ƙirga daren otal.

Naka ga shi. Janairu 22, Fabrairu 20, ya zama 42. Afrilu 26, Mayu 14, ya zama 40. Jimla 82. In ka tsaya a 15 ga Yuni ka waiwaya, kwana 180 sun kai ka har 18 ga Disamba, ka ga babu kwana ɗaya da ya fita. Saura 8 ke nan, dole 22 ga Yuni ka bar yankin. Sati ukun da kake so zai sa ka zarce da kwana 13.

Amma ga inda ejan bai kai ba. Kwananka na farko, 10 ga Janairu, zai faɗi daga lissafi ranar 9 ga Yuli, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Daga nan kullum ɗaya na faɗuwa. To in ka daure ka shiga 1 ga Yuli, takwas ɗinka za su kai ka 8 ga wata, ka cika 90 cif. Washegari tsoho ɗaya ya fita, sabo ɗaya ya shiga, haka har kwana 42 na Italiya su ƙare ranar 19 ga Agusta. Kwana 50 a jere ke nan maimakon 8. Sai dai kada ɗoki ya sa ka shiga 30 ga Yuni, don ranar 8 ga Yuli za ka zama kana da 91.

Af, ka ma sake duba takardar bizar da kyau. Tsawon ranta daban, kwanakin da aka yarje maka daban. Wani shekara aka ba shi amma 30 aka rubuta a gurbin kwanaki, shi ba ruwansa da 90. Kuma in ka bi ta filin jirgi biyu na yankin, kamar Faris zuwa Milan, a na farkon ka shiga.

Masu cewa ai hatimi ya dushe ba za a gane ba, zamanin nan ya wuce. Tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara tsarin EES, mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, kwamfuta ce ke ƙirgawa. Hukunci ya danganta da ƙasar da aka kama ka, wata tara, wata hana shiga, abin da ya fi ciwo kuma shi ne neman biza ta gaba.

In dai tafiyar ba za ta jira Yuli ba, yi takwas ɗin ka fito. Amma ka sani za ka cika 90, ba ka da ko kwana ɗaya sai 9 ga Yuli. Turkiyya ko Birtaniya ba sa cin kwananka, sai dai kowacce da tata bizar. Kafin ka biya kuɗi, zuba ranakun nan a Short-stay calculator na shafin Hukumar Tarayyar Turai, ka bi ainihin ranar da ka shiga da wadda ka fita, ba ranar da ke jikin tikiti ba.