Banki ya cire mini sidi 618 a kan bashin dubu takwas

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da shinkafa da man girki a Aboabo, Kumasi. Bankina ya ba ni obadiraf, wato damar cire fiye da abin da ke asusuna a matsayin bashi, iyaka sidi 50,000, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara. Na shiga watan Yuni da bashin 12,000. Ran 10 na ciri 28,000 na sari kaya, ran 22 na saka cek na 25,000, ran 28 na zuba tsabar kuɗi 7,000. Wata ya ƙare ana bina 8,000, a lissafina ruwan sidi 200 ne, amma sun cire 618.08. Cuta ce ko ni ne ban gane ba?

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Kada ka yi saurin zuwa banki da faɗa tukuna. Na daɗe ina riƙe wa yayana littafin shagonsa a Adum, kuma irin wannan takarda ta sha hana ni barci kafin in gane kanta. Maganar halaccin kuɗin ruwa na bar wa malamai, ni lissafin kawai zan warware maka.

Na ga inda 200 ɗinka ta fito: ka ɗauki kashi 30 na 8,000, ka raba gida goma sha biyu. Da bashin ya zauna a 8,000 tun daga ɗaya ga wata har ƙarshe, da ka yi kusa da daidai. To amma obadiraf ba ya duban ranar ƙarshe ita kaɗai. Kowace rana idan aka rufe aiki, na'urar banki tana duba nawa ake binka a daren nan, ta rubuta ruwan kwana ɗaya, ta ajiye. Asabar da Lahadi da ranar hutu duk suna ciki, bashi ba ya zuwa hutu. Sai ƙarshen wata a tattara a cire gaba ɗaya. Ruwan kwana ɗaya kuwa shi ne:

```
bashin ranar × 0.30 ÷ 365
```

Wato a kashi 30, kowace sidi dubu ɗaya tana cin fesuwa 82 a kwana. Riƙe wannan a kai, yana da amfani a kasuwa. Ranakun da ake binka 40,000, kusan sidi 33 kake kwana da ita kullum.

Ba sai ka yi lissafi sau talatin ba. Ka yanka watan a duk inda bashin ya canza, ka ninka kowane bashi da yawan kwanakin da ya yi zaune. Daga 1 zuwa 9 kwana tara ne a kan 12,000. Ran 10 ya hau 40,000, ya zauna har 21, kwana goma sha biyu. Nan mutane suka fi yin kuskure: ranar da ka ciri kuɗi tana cikin sabon bashi, domin da shi ka kwana. Daga 22 zuwa 27 kwana shida a kan 15,000, sai kwana uku na ƙarshe a kan 8,000.

```
12,000 × 9  = 108,000
40,000 × 12 = 480,000
15,000 × 6  =  90,000
 8,000 × 3  =  24,000
jimla       = 702,000
702,000 × 0.30 ÷ 365 = 576.99
```

Kafin ka ci gaba ka tara kwanakin: 9 da 12 da 6 da 3 sun ba da 30. In ba su ba da kwanakin watan ba, to ka tsallake rana ko ka ƙirga ta sau biyu.

Ka ga mun taso daga 200 mun kai 576.99. Saura 41.09 tsakaninmu da banki, kuma wannan ragowar ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin ana iya bin sawunta. Juya lissafin baya: ninka 41.09 da 365, ka raba da 0.30, za ka samu kusan 50,000. Me ke ba da 50,000 a cikin lambobinka? 25,000 sau biyu. Cek ɗinka ne, kwana biyu. Kai ka miƙa shi ran 22, amma in na wani banki ne sai ya bi ta hanyar tantancewa tsakanin bankuna kafin ya zama kuɗi, kuma banki bai rage maka bashi ba sai ran 24. Ɗauko takardar bayanin asusunka ka duba, galibi akwai layin kwanan wata guda biyu. Wanda aka rubuta Value Date a kansa shi ake lissafin ruwa da shi, ba ranar da ka tsaya a layi ba. Idan ka gyara, 40,000 ta yi kwana 14, 15,000 ta yi kwana 4, jimla ta zama 752,000, ruwan kuma 618.08. Daidai da abin da suka cire, har fesuwa. Don haka a ganina ba a cuce ka ba. Raba 752,000 da 30 ka gani: a tsakaice bashin da ka riƙe a watan ya ɗan haura 25,000, ba 8,000 ba.

Da a ce ragowar ba ta faɗa a kan cek ba, abu na gaba da zan gwada shi ne raba da 360 maimakon 365, don akwai yarjejeniyar da ke ƙirga shekara haka. A naka, 702,000 za ta ba da 585 cif. Bambancin kaɗan ne, kuma takardar da ka sa wa hannu ita za ta faɗi wanne ake bi. A cikinta kuma ka duba ko kashi 30 ɗin tsayayye ne. Tun 2018 bankunan Ghana suna ɗora ruwansu ne a kan ma'aunin da ake kira GRR, wanda ake sanarwa wata-wata, sannan kowane banki ya ƙara nasa a kai. In taka yarjejeniyar haka take, kashin na iya motsawa ba tare da ka sake sa hannu ba. Ranar da ya canza sai ka yanka lissafin a nan, kwanakin baya da tsohon kashi, na gaba da sabo. Kuɗin buɗe obadiraf da na kula da asusu kuma ba ruwa ba ne, layinsu daban, kada ka cakuɗa su a wannan lissafi.

Abu ɗaya da ya taɓa ƙona mu, gara in faɗa maka. Ruwan da aka cire a cikin asusun nan ake cire shi, ya zama bashi. Kai yanzu ka shiga Yuli da 8,618.08, kuma a kanta za a fara ƙirga. Mu iyakarmu 30,000 ce a lokacin, muka yi wata guda muna zaune a 29,700, muna ganin da sauran wuri. Daren ƙarshen wata aka ɗora ruwa sama da sidi 700, muka haye iyaka ba tare da mun ciri ko sisi ba. Abin da ya haura iyaka ruwa na hukunci ake ɗora masa, wanda ya fi na yau da kullum, ga shi cek da muka rubuta wa mai kawo mana kaya ya dawo. Kunyar da yayana ya sha a gaban mutumin ta fi masa kuɗin ciwo. Tun daga nan nake barin gurbin ruwan wata ɗaya a ƙasan iyaka.

Kai da ke karɓar ciniki kullum, duba 7,000 da ka kai ran 28. Idan tun ran 18 take cikin akwatin shago kana jiran ta taru, kwana goman nan sun ci maka sama da sidi 57. Cek kuma ka daina kai shi ranar Alhamis ko Juma'a in da hali, don Asabar da Lahadi ba a tantancewa amma ana ƙirga ruwa. In mai sayen zai yarda ya turo kai tsaye ta waya ko ta asusu, karɓi hakan. Duba layin kwanan watan nan ka gaya mana ko 24 ka gani.