Garin kiriyatin a jakar mai zuwa Madina

"Yaya, na samu gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, daga Kano zan tashi. Ina ɗaga ƙarfe, kullum ina shan kiriyatin. Akwai ledar kilo ɗaya da na saya a hannun mai horar da mu, na sha kusan rabi, babu rubutun komai a jikinta. In taho da ita, ko za ta ja mini magana a filin jirgi?"

Ƙanena, Allah ya sanya albarka a karatun. Waccan ledar kuwa ka bar wa abokan motsa jikinka, kada ta shiga jakarka ko da wasa.

Shi kiriyatin, garin da masu ɗaga ƙarfe suke sha don ƙara ƙarfin tsoka, ba haramtaccen abu ba ne a Saudiyya. Ana sayar da shi a fili a manyan shagunan magani irin su Nahdi da Dawa, da shagunan kayan masu motsa jiki, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, SFDA, a cikin kayan ƙarin abinci take lissafa shi. Ko hukumar WADA mai sa ido kan 'yan wasa ba ta hana shi ba. Matsalar tana ga kamanninsa: fari ne fat, ba wari, kusan ba ɗanɗano. Jami'in da ya buɗe jakar matashi ɗan Najeriya ya ga rabin kilo na farin gari a leda marar suna, ba shi da hanyar sanin mene ne sai ta gwaji, kuma kafin sakamako ya fito kai ne a zaune a ɗakinsu. Ƙasar nan ta Saudiyya hukuncin kisa take yankewa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, saboda haka ba sa ɗaukar irin wannan abu da sauƙi. Ƙari a kan haka, kai kanka ba za ka iya rantsuwa a kan abin da ke cikin ledar ba. Garin da aka ɗebo daga babban buhu aka auna maka, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, alhali sinadaran ƙara tsoka irin na sitiroyid doka tana sa musu ido sosai a nan.

In kana son tahowa da shi, bari mu yi lissafi. Abin da ake sha giram 3 zuwa 5 ne a rana. A kan giram 5, robar giram 300 za ta kai ka wata biyu cif. Shekarar karatu guda kuwa za ta ci wajen kilo ɗaya da rabi, wato roba biyar, kuma wanda ya jera roba biyar a akwati ya fara kama da ɗan kasuwa, tambayar kwastan ma sai ta canza salo. To ka sayi guda ɗaya tal, sabuwa, wadda murfin ciki yake liƙe yadda kamfani ya rufe shi, da sunan kamfanin da ranar lalacewa a jiki. Ka juya bayanta ka karanta jerin abin da ke ciki. Abin da kake so ka gani shi ne Creatine Monohydrate shi kaɗai. Gaurayen nan da ake sha kafin a fara ɗaga ƙarfe, masu jerin sinadarai goma sha, ka ƙyale su, don a cikinsu ne ake samun abubuwan ƙara kuzari da wata ƙasa ta yarda da su wata ta hana. Haka duk garin da aka ce an haɗa shi da 'ya'yan tabar wiwi, ko da na gina jiki ne, kada ka kusance shi. Rasit ɗin sayen ka ajiye tare da fasfonka.

Robar ta shiga babban akwatin da za a auna, ba jakar hannu ba. Dokar mililita 100 da ka sani ta ruwa ce, ba ta shafi gari ba, amma gari mai yawa a dunƙule yana tare wa na'urar haska kaya gani, sai mai duba ya janye jakar gefe a buɗe, a shafa ɗan ƙyalle a jikin robar a saka a na'urar gano abin fashewa. In jirginka mai biyawa ne ta Addis Ababa ko Alkahira, sai a sake duba jakar hannun a can, ga shi kana sauri kada jirgi na biyu ya bar ka. Na cikin akwati kuwa yana wucewa abinsa. Akwai ma'aunin mililita 350 da za ka ji ana faɗa, kusan girman gwangwanin lemo: wannan dokar Amurka ce tun 2018, garin da ya wuce haka a jakar hannu ana yi masa ƙarin bincike, in ba a gamsu ba a hana shi shiga jirgi. Ba ta hanyarka ba ce yanzu, amma ka riƙe ta, don yawancin robobin kiriyatin sun fi haka girma.

Ka sa robar a leda mai haske wadda ake ganin ciki, ka ɗaure, ka ajiye ta a saman kaya. Dalili biyu ne. Akwati yana shan jifa, in murfi ya tsage garin zai bi tufafinka gaba ɗaya, kuma akwatin da farin gari ya bazu a cikinsa ya fi robar kanta jawo tambaya. Na biyu, abin da aka cusa cikin takalmi ko aka naɗe a riga can ƙasa yana kama da abin da ake ɓoyewa. Kada kuma ka juye shi a gwangwanin madara don rage wuri.

A filin jirgin Malam Aminu Kano jami'an NDLEA za su iya duba ka. In sun tambaya, ka ɗauko robar da hannunka ka ce na motsa jiki ne, ga rasit. In sun ce sai an fasa murfin an gwada, bar su su fasa a gabanka, daga baya ka ɗaure bakinta da salatif. Bayan an auna kayanka ka ƙirga takardun lambar kaya da aka liƙa maka, su yi daidai da yawan akwatunanka, ka ɗauki hotonsu a waya. Ba ka manta da ɗalibar nan da aka tsare a nan Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar tiramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a 2019 aka sake ta. Shi ya sa ko abokin ɗaga ƙarfenka ne ya ce ka kai wa ɗan'uwansa roba ɗaya, ka ba shi haƙuri.

Da ka sauka Jidda ko Madina, akwatin zai sake bi ta na'urar kwastan. Galibi roba ɗaya a liƙe ba ta tsayar da kowa. In an tsayar da kai, ka ce "mukammil giza'i, kiriyatin, lir riyada", wato da Larabci ƙarin abinci ne na motsa jiki, ka nuna rubutun jikinta, ka yi shiru. Ban da raha a wurin nan, ban da yawan bayani. In jami'i ya ce zai riƙe ta, ka sakar masa, kuɗinta bai kai na jayayya ba.

Ni dai da ni ne, da hannu wofi zan taho. Kiriyatin taruwa yake yi a cikin tsoka, kuma in mutum ya daina sha, sai ya yi wajen mako huɗu zuwa shida kafin abin da ya taru ya koma yadda yake a da. Makonnin farko naka a Madina ma na rajista ne da neman ɗaki da gwajin lafiya na iƙama, wato takardar izinin zama, ba lallai ka ga ƙarfe ba. Idan ka zauna sai ka shiga shagon magani ka sayi wanda aka shigo da shi ta hanyar hukuma, ka ci gaba da giram 5 ɗinka. In za a ɗebi jininka kana cikin sha, ka faɗa wa likita, don yana iya ɗan ɗaga lambar da ake duba aikin ƙoda da ita.