Sanarwar ɗaurin aure ɗaya, hashtag ɗaya, gida biyu

Tambaya: An sa ranar auren ƙanwata, mu muna Kano, dangin ango suna Zariya. Mun yi shawara da yayar ango mu fitar da sanarwa a Instagram da WhatsApp, har da hashtag na biki. Yaya za mu rubuta ta, kuma wane hashtag ya dace da gidajen biyu?

Amsa: Allah Ya sanya alheri, 'yar'uwa, Ya kai mu ranar lafiya. Kafin ku taɓa waya, ku tabbata manya sun ji daga bakin iyayenku. Kawu ko gwaggo su tsinci labarin auren 'yarsu a WhatsApp ɗin maƙwabta abu ne mai ciwo, kuma yakan kai har wani ya ƙi zuwa biki. In an gama wannan zagayen, sai ke da yayar ango ku rubuta sanarwa guda ɗaya, ku nuna wa waliyyin amarya da wakilin ango, ku saki a rana ɗaya.

Tsarin katin gayyata da aka saba da shi ya wadatar: "Iyalan Alhaji Wane da na marigayi Malam Wane suna farin cikin gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu Wance da Wane, ranar Juma'a kaza ga wata kaza, bayan sallar Juma'a, a masallaci kaza, unguwa kaza, Kano." Ku rubuta sunan unguwa da na gari, don baƙin Zariya ba su san masallatan Kano ba. Idan batun sunan wanda zai zo farko ya so ya zama magana, kowane gida ya fara da nasa, babu laifi. Abin da ba a yarda ya bambanta ba shi ne rana da lokaci da wuri. Kamu da sa lalle da yinin biki da kai amarya kuwa, ku tura su a ɓoye ga waɗanda aka gayyata, haka ma adireshin gida da lambar waya, domin sanarwar da ta fita fili ba ku san hannun da za ta faɗa ba.

Shi hashtag aikinsa tara hotuna wuri ɗaya, kuma harafi ɗaya in ya canza, ya zama wani daban. A ce sunan amarya Sa'adatu, ango Ƙasimu. Idan kuka rubuta `#Sa'adatu`, hashtag ɗin zai yanke a kan waƙafin saman nan, `#Sa` kaɗai zai yi aiki. Haka zai faru da A'isha da Mu'azu da Isma'ila, kuma tazara tsakanin kalmomi ma tana yanke shi. Sai haruffa masu lanƙwasa: ƙ da k ba ɗaya ba ne a wurin na'ura, ga shi kuma ba kowa ke da ƙ a wayarsa ba, sai hotuna su rabu gida biyu. Ina son a rubuta Hausa daidai, amma a nan ku bar lanƙwasar a cikin sanarwa, ku cire ta a hashtag. Ga misalan da za su yi:

```
#SaadatuDaKasimu2026
#AurenSaadatuDaKasimu
#SaaDaKasim26
```

Na farkon nake zaɓa, don dattijuwar da aka karanta wa za ta gane shi, shekarar kuma tana raba ku da wasu ma'aurata masu irin sunayen. Manyan haruffan don sauƙin karatu ne kawai, ko an rubuta da ƙanana wuri ɗaya zai kai mutum. Amma jerin sunaye ba ya juyawa: idan mutanen Zariya suka fara da sunan ɗansu, an samu hashtag biyu ke nan. Ku tsayar da ɗaya, ku buga shi a kati da ƙasan kowace sanarwa.

Ku yi hattara da yayin gutsure sunaye a haɗa. Farkon Ƙasimu da farkon Sa'adatu zai ba ku `#KaSa`, wanda za a karanta "kasa", kuma babu uwar da za ta so wannan a kan auren 'yarta. Duk abin da kuka haɗa, ku furta shi a gaban babba tukuna, sannan ku neme shi a Instagram. In kun tarar da hotunan wani biki a ƙarƙashinsa, ku ƙara shekara ko sunan gari.

Ki kuma sani cewa a WhatsApp hashtag ba ya tara komai, ado ne kawai. A Instagram ma, wadda ta kulle shafinta hotonta ba zai fito a fili a ƙarƙashinsa ba. Wanda kuwa shafinsa ke buɗe, duk duniya za ta ga abin da ya ɗora. Don haka ki tambayi amarya da ango ko sun yarda a ga hotunan kamu da na mata a fili. In ba su yarda ba, ku taƙaita hashtag ɗin ga sanarwa da ɗaurin aure, hotunan cikin gida kuma a tara su a zauren WhatsApp na dangin biyu.