Kibod ɗinki matsala biyu gare shi, ɗaya ce kawai ta kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kibod ɗin laftof ɗina mai Windows 11 ya rikice. In na danna Shift da 2 don in rubuta @, sai " ya fito. Ga shi kuma T, Y, Tab da Backspace sun daina aiki gaba ɗaya. Mai gyara ya ce in sayi sabon kibod. In saya, ko akwai abin da zan gwada tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗan riƙe kuɗinki zuwa gobe, domin ko yau aka ɗaura miki sabon kibod dal, alamar @ ba za ta koma gurbinta ba. Waɗancan maɓallai huɗu kuwa, ina kyautata zaton mai gyaran ya yi gaskiya a kansu.

Dalili shi ne kibod bai san harafi ba. In kin danna maɓalli, lambar gurbinsa kawai yake aika wa kwamfuta, kamar ya ce "an taɓa na uku a layin sama". Windows ce take duba tsarin da aka zaɓa mata ta fassara lambar zuwa harafi. Don haka in maɓalli yana rubutu amma wani abu daban yake fitarwa, kuma kullum abu ɗaya ne ba ya canzawa, saƙon ya isa lafiya, fassarar ce ta karkace. In kuwa shiru kika ji, ko dannawa ɗaya ta fitar da haruffa biyu maƙwabtan juna, sai zargi ya koma kan kibod ɗin kansa.

Musayar @ da " tsohon labari ne tsakanin tsarin Amurka da na Birtaniya. A na Amurka Shift da 2 yana ba da @, a na Birtaniya kuma yana ba da ", ita @ ɗin ta koma maɓallin da ke bayan L da gurbi biyu. Ki danna Shift da 3 ki gani: in £ ya fito a maimakon #, magana ta ƙare. Yawanci ba wanda ya canza shi da gangan. Yatsa ne ke haɗa Alt da Shift a kuskure, ko maɓallin Windows da Space, kuma duka biyun sauya tsari suke yi. Ki dubi gefen agogo a ƙasan allo, za ki ga ENG UK. Danna Windows da Space zai mayar da shi ENG US. Don kar ya sake dawowa, ki bi nan ki cire wanda ba kya so:

```
Settings > Time & language > Language & region > Language options > Keyboards
```

Masu karatu da ke fama da wata irin musayar su ma nan za su duba. A da Q in suka yi musayar gurbi, tsarin Faransa ne. Y da Z, na Jamus. Wanda kuma J, K, L ke ba shi 1, 2, 3, U, I, O na ba shi 4, 5, 6, Num Lock ne a kunne a laftof marar ɓangaren lambobi, sai ya danna Fn da NumLk.

Yanzu ga matattun maɓallan. Kafin mu yanke musu hukunci, akwai saitin da ke kwaikwayon mutuwa, wato Filter Keys. Riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8 yana iya kunna shi, daga nan Windows ta riƙa yin biris da dannawar da aka yi da sauri. Amma shi duk kibod yake shafa, ba ya ware huɗu ya bar saura. Ki leƙa Settings > Accessibility > Keyboard ki tabbatar a kashe yake, minti ɗaya ne.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ki ari kibod na waje mai USB ki jona. Duka kibod ɗin biyu tsari ɗaya Windows ke fassara musu, shi ya sa gwajin yake raba gardama. In ba ki gyara tsarin ba tukuna, za ki ga na aron ma " yake bayarwa a Shift da 2, shaida ke nan cewa laifin ba na ƙarfe ba ne. Sannan ki danna T da Y a kansa. In sun fito, Windows lafiyarta ƙalau, na jikin laftof ɗin ne bai aika komai ba. In babu inda za ki aro, ki sake kunna kwamfutar ki shiga manhajar gwajin da kamfanin ya saka kafin Windows ta tashi. A HP ana danna Esc sannan F2, a Dell kuma F12 sai a zaɓi Diagnostics. Maɓallin da ya ƙi motsi tun Windows ba ta farka ba, ba saiti ne ya kashe shi ba.

Abin da ya sa tun farko na karkata ga mai gyaran shi ne irin maɓallan da kika lissafa. A ido ba su da alaƙa, Tab na can hagu, Backspace na can dama. Amma a ƙarƙashin maɓallai akwai siraran layukan lantarki da aka shimfiɗa tsaye da kwance kamar saƙar tabarma, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗar layi biyu. A kibod da yawa T, Y, Tab da Backspace layi ɗaya suka haɗa. Layin na yankewa, sai su tafi tare. Ki gwada Caps Lock da maɓallan [ da ], ba zan yi mamaki ba in su ma sun bi sahu ba ki lura ba. Datti ko ɓurɓushin abinci maɓalli ɗaya yake toshewa, kuma yatsa zai ji taurinsa, don haka hura iska ba zai amfane ki ba a nan.

Duk da haka, yankewar layi ba lallai a cikin kibod take ba. Duk layukan nan ta wata siririyar waya mai faɗi, da masu gyara ke kira ribon, suke shiga babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, wato motherboard. In ta ɗan zame daga makullinta ko bakinta ya yi datti, alamar iri ɗaya ce. Ki roƙi mai gyaran ya cire batir, ya zare ribon ɗin, ya goge, ya mayar, ku gwada a gabanki. In maɓallan sun farfaɗo, ladan aiki kawai za ki biya. Ya duba batirin ma tunda ya buɗe: in ya kumbura yana turo kibod ko gurbin linzami sama, shi za a fara canzawa, kuma kada a ci gaba da cajinsa. In kuma shayi ko ruwa ya taɓa zubewa a kai, ko da watanni ne suka wuce, ki faɗa masa. Tsatsa a hankali take cin layukan, kuma wanda ta cinye ba ya gyaruwa.

In sayen ya zama dole, kada ki dogara da sunan laftof kawai. A bayan tsohon kibod akwai lambar kaya a manne, da ita za a nema. Ki dubi siffar Enter: na tsarin Amurka a kwance yake layi ɗaya, na Turai dogo ne ya ci layi biyu, kuma ramin jikin laftof ɗin ɗaya kawai zai karɓa. In naki mai haske ne a ƙarƙashin maɓallai, yana da ƙaramin ribon na biyu, sai a nemo irinsa. Ki kuma tambaya tun kafin a yi ciniki ko kibod ɗin da sukurori aka ɗaure shi. A siraran laftof da yawa na yanzu an liƙe shi ne da murfin sama, sai dai a canza su tare, kuɗin kuma ya ninka. In laftof ɗin ta tsufa kuma a tebur take wuni, ni dai da kibod na USB zan saya in ci gaba da aikina.