Rubutun takardar neman aiki yana canzawa a wayar wasu

"Na tsara takardar neman aiki shafi ɗaya a Word, a wayar ƙanina ta koma biyu, rubutun ma ya canza. Yaya zan yi?"

Malam, wayar ce ba ta da salon rubutun da ka zaɓa, sai ta sa nata. Ka daina tura .docx. Shiga File, Save As, ka zaɓi PDF. Kada ka bi ta Microsoft Print to PDF, don yakan kashe mahaɗin da ke ɓoye cikin kalma, a taɓa shiru.

Kafin nan ka bar sararin layi biyu a ƙasa, shafin da ya cika maƙil shi ke tsallakewa. Bayan ka yi PDF ɗin, ka buɗe shi a Adobe Reader a kwamfuta, danna Ctrl+D, duba Fonts, ka tabbata kowane salon rubutu yana da Embedded, wato yana cikin fayil ɗin.