Tagar tabbatar da biya ta ƙi buɗewa: wa za a bai wa izini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turare da mayafai a Aboabo, Kumasi, ina kuma odar kaya ta intanet da katin banki. Jiya na zo biyan sidi 850, na danna wurin biya, sai Chrome ya rubuta "Pop-up blocked", wurin sa lambar banki bai fito ba. Ɗana ya ce in kashe abin toshewar gaba ɗaya, ni kuma ina tsoron tallace-tallacen banza. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, kada ki kashe abin toshewar. Shafi ɗaya tak za ki bai wa izini, sauran su ci gaba da zama a toshe.

Amma kafin ki sake danna komai, duba saƙon banki ko ragowar kuɗinki. Yawanci idan ba ki sa lambar da banki ke turowa ba, ba a cire kuɗi ba. Duk da haka a duba, don wanda ya yi ta dannawa cikin fushi yakan wayi gari da oda biyu.

Ga dalilin toshewar. Chrome bai san taga ta banki ce ko ta 'yan caca ba. Abin da yake dubawa shi ne ko dannawarki ce ta buɗe ta kai tsaye, kuma yana ba da kimanin daƙiƙa 5 ne kawai bayan dannawa. Wasu shafukan sai sun fara tuntuɓar kamfanin da ke karɓar musu kuɗi kafin su buɗe tagar. Idan intanet na jan ƙafa, kamar yadda yakan yi da yamma, amsar takan iso bayan lokacin ya wuce, sai Chrome ya ɗauka shafin ne ya buɗe taga da gaban kansa. Shi ya sa shafin da ya yi aiki lafiya makon jiya zai ƙi yau, alhali ba abin da kika taɓa.

A kwamfuta, lokacin da aka toshe tagar, wata 'yar alama takan fito a ƙarshen layin adireshi ta hannun dama. Ki danna ta, ki zaɓi "Always allow pop-ups and redirects from", ki karanta sunan shafin da ke gabansa harafi-harafi, sannan "Done". Idan alamar ta ɓace, rubuta wannan a layin adireshi:

```
chrome://settings/content/popups
```

A ƙarƙashin "Allowed to send pop-ups and use redirects" ki danna "Add", ki sa adireshin. A nan mutane da yawa ke kuskure: sukan sa adireshin bankinsu. Izinin na shafin da ke buɗe tagar ne, wato wanda sunansa ke layin adireshi lokacin da kika danna biya, ba na bankin da zai bayyana a cikinta ba. Wani shagon kuma yakan mayar da ke wani reshe nasa a lokacin biya, misali daga example.com zuwa pay.example.com. Rubutawa haka, da adireshin shagon a madadin example.com, yana haɗa su duka:

```
[*.]example.com
```

Bayan nan ki sabunta shafin, ki fara biyan daga farko.

A wayar Android, saƙon toshewar kan zo da "Always show", danna shi ya wadatar ga shafin nan kaɗai. Babban makunnin da ke cikin "Site settings" kuwa na kowa da kowa ne, ki bar shi yadda yake. Safari na iPhone ba ya ware shafi ɗaya, don haka sai a kashe "Block Pop-ups", a biya, a mayar da shi nan take. In kuma daga cikin Facebook ko Instagram kika buɗe shagon, ki kwafe adireshin zuwa Chrome tukuna.

Game da talla, yawancin waɗanda ke faɗowa a waya ko ba a buɗe komai ba, ba ta wannan ƙofar suke shigowa ba. Daga izinin sanarwa suke, lokacin da shafi ya nemi "Show notifications" aka danna "Allow". Biyan kuɗi ba ya buƙatar wannan ko kaɗan, ki danna "Block". Shafin da ya ce sai kin yarda da sanarwa ko kin sauke wata manhaja kafin ki biya, ni dai ba zan sa masa katina ba.

Idan tagar ta buɗe, ki duba adadin da sunan mai karɓa kafin ki sa lambar: 850 za ki gani, ba wani abu ba. Idan kuma wata rana da MoMo kika biya, amincewar a wayarki take zuwa. In ba ta fito ba, ki buga *170#, ki shiga "My Wallet", sannan "My Approvals". Lambar sirrinki ta MoMo a can kaɗai ake sa ta, ba a cikin tagar wani shafi ba.