Bauca bakwai, kwangila ɗaya

"Ranka ya daɗe, wata huɗu ke nan da aka kawo ni sashen binciken kuɗi. An ba ni fayil-fayil na saye-saye in duba. Kowanne da takardun farashi uku, da sa hannun shugaba, lissafi kuma ya tashi daidai. Amma raina bai kwanta ba. Ta ina zan gane an daddatsa kwangila ko an hura farashi?"

Kai yaro, da ba don ka taɓa mini wani tsohon miki ba, da na ce ka je ka karanta doka kawai. Sai ka zauna ka ji.

Ba zan ɓata bakina kan cire haraji ko duba lissafin bauca ba. Wanda bai iya wannan ba, ba shi da abin yi a ofishin odita. Matsalarka ita ce fayil ɗai-ɗai kake dubawa, kuma wanda ya daddatsa kwangila abin da yake so ke nan. Kowane fayil shi kaɗai tsaf yake kamar sabuwar riga. Sai ka jera su kan tebur ɗaya ɗinkin yake fitowa. Ni da kuɗina da darajata na sayi wannan karatun.

Ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya lokacin, ni ne mai duba bauca kafin a biya. Ƙa'idar lokacin ita ce shugaban hukuma zai iya amincewa da sayen kayan da bai kai naira miliyan 2.5 ba shi kaɗai. In ya kai haka, sai kwamitin bayar da kwangila ya zauna. An sha sauya wannan iyaka, don haka ka nemi takardar da ke aiki yanzu daga BPP, hukumar da ke kula da saye-sayen gwamnati, kada ka riƙe tawa.

Wata ranar Alhamis da la'asar aka kawo mini bauca ta na'urar sanyaya ɗaki guda 12, kowace naira 205,000, jimla 2,460,000. Takardun farashi uku suna ciki, mafi sauƙi ya ci. Takardar shigar kaya sito tana nan. Na sa hannu. Bayan kwana tara wata ta zo, wani kamfanin daban, wai na ofisoshin bene na biyu ne. Na sa hannu. Haka aka yi ta yi har sau bakwai cikin wata biyu da rabi, kuma ba duka ne suka biyo ta teburina ba: uku an jira sai ranar da na fita aiki waje, mataimakina ya sa hannu a madadina. Jami'in saye-sayen nan mutum ne da muke sallah sahu ɗaya. Ranar sunan ɗana na uku shi ya fara isowa gidana. In ya kawo fayil sai ya ce, "Malam, ka taimaka, masu kaya sun matsa." Ni kuma in ga takarda ta cika, in buga hatimi.

Bayan shekara masu bincike daga ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya suka zo. Wata dattijuwa ce shugabarsu. Ba ta buɗe fayil ko ɗaya ba da farko. Littafin rajistar LPO, wato takardun odar sayen kaya, ta nema, ta ɗauki fensir tana jan layi a ƙarƙashin duk abin da ya faɗa tsakanin miliyan 2.3 da 2.5. Kafin azahar ta kira ni. Bauca bakwai a jere a gabanta, na'ura 84, naira 17,220,000. Ta ce, "Wannan sa hannunka ne?" Har yau ina jin yadda harshena ya bushe.

Ga abin da ta nuna mini, kuma da ido na gani. Kamfanoni uku ne kacal a cikin takardun farashi 21. Yau na farko ya ci, biyun su raka shi. Gobe na biyu ya ci, sauran su raka shi. Karɓa-karɓa. Farashin waɗanda suka faɗi kullum 212,000 da 218,000, ko naira ɗaya ba ta motsa ba cikin wata biyu da rabi. Sunan hukumarmu an yi kuskuren harafi ɗaya wajen buga shi, kuma kuskuren nan yana cikin takardun kamfanonin uku duka, a gurbi ɗaya. Hannu ɗaya ne ya buga su a kwamfuta ɗaya, aka sauya kan takarda kawai. Lambar wayar da ke ƙasan takardar kamfani na biyu ita ce a kan rasit ɗin na uku. Da aka yi bincike a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, darakta ɗaya ya fito a biyu, na ukun kuma an yi masa rajista wata biyu kafin bauca ta farko, adireshinsa shagon kamfani na farko. Sashe na 41 na Dokar Saye-sayen Gwamnati ta 2007 cewa ya yi a karɓo farashi daga aƙalla mutum uku waɗanda ba su da alaƙa da juna. Mu takarda uku muka ƙirga, ba mutum uku ba.

Sai farashi. Ta aiki yaronta kasuwa da lambar samfurin na'urar, ya dawo da rubutaccen farashi daga shaguna uku: 95,000 ko kusa da haka. Ba ta zalunce su ba. Ta ɗora kuɗin dako, da na ɗaurawa, da bututu da waya, da haraji, da ribar ɗan kwangila mai jiran gwamnati ta biya shi bayan watanni, ta tsaya a 130,000. Tsakanin wannan da 205,000 akwai 75,000 a kan kowace. Sau 84, naira miliyan 6.3 ke nan. Muka zaga ofisoshi ana ƙirga na'urorin a bango, 71 muka samu. Goma sha uku ba su taɓa shigowa harabar ba, amma mai sito ya sa hannu ya karɓa.

Ko sisi ban ci ba, Allah ne shaida. Amma hatimina ne a kan huɗu, na ofishina a kan uku. Na sha takardar tuhuma, na tsaya gaban kwamiti sau biyu, aka tsallake ni a ƙarin girma, aka tura ni wani ofishin jiha inda na yi shekara huɗu iyalina suna wani gari. Waɗanda muka shiga aiki tare suka wuce ni, ban sake kamo su ba har na yi ritaya. Jami'in saye-sayen nan kuwa bai taɓa zuwa ya ce mini in yi haƙuri ba. Mun haɗu wurin wata jana'iza ya miƙo mini hannu yana murmushi kamar ba a yi komai ba. Na gaisa da shi don mutane, amma ban yafe ba.

To gobe ka ajiye fayilolin nan. Ka nemi rajistar duk abin da aka saya a shekarar, ka jera shi sau uku: bisa kuɗi, bisa irin kaya, bisa sunan mai kawowa. Saye na gaskiya warwatse yake, wannan dubu 300, wancan miliyan 1.1, wancan miliyan 6. In ka ga sun yi cincirindo a gindin iyakar shugaba kamar tumaki a bakin shinge, kora su aka yi. Sannan ka koma ga asalin buƙatar. A namu, da na nemi takardar farko da sashen gudanarwa ya rubuta, da na ga na'ura 84 aka nema a takarda ɗaya, kasafin shekarar ma layi ɗaya ne. Buƙata ɗaya, kasafi ɗaya, LPO bakwai: wannan ita ce hujjar, ba zato ba.

Kuma ka bi a hankali, don ba kowace rabawa ce laifi ba. Ana raba babban aiki kashi-kashi, a tallata su tare, hukumar da ta dace da jimlar kuɗin ta amince. Wannan halal ne. Laifin shi ne rabawa don a kauce wa iyaka, kuma sashe na 58 ya ambace shi da sunansa. Jami'in da aka samu da shi, ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, ga kora daga aiki. Magana mai nauyi irin wannan ba a rubuta ta a rahoto sai da kwafin takarda a bayanta. Ka rubuta abin da ka gani, da kwanan wata da lamba. Kalmar sata ba taka ba ce, ta alƙali ce.

Kwangilar da aka ba mutum ɗaya ba gasa kuwa, kwanan wata kawai nake dubawa. Uzuri biyu suke kawowa: gaggawa, ko shi kaɗai ke da kayan. Sashe na 42 ya yarda da gaggawa in ba abin da ake iya hangowa ba ne, kuma ba jan ƙafar hukumar ne ya jawo ta ba. Rufin da iska ta yaye jiya gaggawa ne. Janaretan da injiniya ya rubuta tun watan Maris cewa zai mutu, aka danne takardar sai Disamba, wannan gaggawar ƙirƙira ce. In an ce shi kaɗai ne dillali, ka nemi wasiƙar kamfanin da ya ƙera kayan, ka tuntuɓe su da kanka ta lambar da kai ka samo, ba wadda ke kan wasiƙar ba. Ka kuma gwada ranar da kaya suka shiga sito da ranar da aka amince. Na sha ganin kaya sun riga amincewa isowa da mako biyu.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, kuna da kwamfutar da za ta jera muku rajistar shekara cikin minti ɗaya, abin da dattijuwar nan ta yi da fensir, amma ba ku son tashi daga kujera. A turo muku hoton kaya a waya ku ce kun tabbatar. Wani ma farashin intanet yake kwafowa ya liƙa a rahoto, ɗan kwangila ya rushe shi da tambaya ɗaya: wane samfuri, a wace rana? Ka sa takalminka ka shiga kasuwa da lambar samfurin a rubuce, ka nemi farashin watan da aka yi sayen, ba na yau ba, don naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ka je adireshin kamfanin ka ga ko shago ne ko kango. Ka ƙirga kayan da hannunka, ka gwada lambar jikin kowanne da ta kan takarda.

Fayil nawa aka ba ka? Ka kawo mini jerinsu ranar Asabar bayan la'asar, da kwanan wata da kuɗi da sunan kamfani, da kwafin takardun farashin, ba hotonsu a waya ba. Kuma kafin nan kada ka gaya wa kowa a sashen saye-saye abin da kake nema, ko da shi ke rage maka hanya zuwa gida.